Wa Ke Riƙe da Jamila?

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Muttaƙa mai turi wayarsa a bakin tashar Birnin Konni ya san ba da hannu yake karɓa ba, da tsumma yake karɓa. Sai ya goge ta gaba da baya, ya yamutse fuska kamar an miƙa masa mushen kaza, sannan ya tambaye ka abin da za a tura maka. Ƴan kabu-kabu sun gaji da yi masa tsiya a kan wannan hali. Shi kuwa cewa yake wayar mutum ta fi takalminsa ƙazanta, don takalmi ana cire shi a ƙofar masallaci, waya kuwa har makewayi ake shiga da ita.

Ƙyanƙyamin nan da shi aka haife shi. A ƙauyensu na ƙasar Alela, inda ubansa ke noman gero da wake, tun yana ƙarami in ƙuda ya faɗa kunu to an gama da shi, gara ya wuni da yunwa. Uwarsa takan ce ita dai ba ta san inda ta samo wannan ɗan hakimi ba a gidan da ake kwana da awaki. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya taɓa kwaleji, karatun bai yi nisa ba, ya gangara Malbaza neman na kansa. Can ya yi shekaru yana dakon buhunan siminti a kan manyan motoci, ƙura tana shiga masa hanci da kunne da ƙasan farce, yana wanka har fatarsa ta yi fari fat. Bayansa ne ya fara cewa ya isa. Da ya dawo Konni sai ya zauna wurin wani mai gyaran kwamfuta da ake kira Rabo, ya koyi abin da zai ci abinci da shi, ya kafa tebur da rumfa, ya shiga tura wa mutane waƙoƙi da finafinai da wa'azi da kokawa a katin wayoyinsu.

Sana'ar ta karɓe shi, amma ta ƙara masa ƙyamar mutane. Wanda bai taɓa buɗe katin wayar wani ba bai san ɗan Adam ba. Dattijo mai furfura zai zo a sa masa karatun Alƙur'ani, ka buɗe katin ka ga abin da sai ka sake alwala. Muttaƙa bai taɓa tona kowa ba, sai dai ya tsuke baki ya tura abin da aka ce. Shi dai dokarsa ɗaya ce, daga teburinsa ƙazanta ba ta fita.

Dokar ta yi aiki har lokacin da wutar lantarki ta zo da ƙarfi wata rana ta ƙone masa kwamfuta ƙurmus. Matarsa Humaira ce ta haɗa shi da ƙaninta Hakim, wanda ya sayo wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a Sakkwato bai san abin da zai yi da ita ba. Aka shirya, tebur da rumfa da jama'a na Muttaƙa, kwamfuta ta Hakim. Kwamfutar kuwa tsohuwa ce, batirinta ya mutu murus, in aka zare waya ko aka ɗauke wuta sai ta mace nan take. Kuma Hakim, don a san shi ne mai abu, ya sa mata kalmar sirri ya ƙi gaya wa mijin yayarsa. Kullum da safe shi zai zo ya kunna, ya yi ɗan abin da zai yi, ya hau babur ya tafi yawonsa.

Hakim yaro ne mai fara'a, mai yawan turare, irin mutanen da ke dariya kafin su gama ba da labari. Tsakaninsa da Muttaƙa akwai wasan ƙanin mata, kuma a bayan wasan nan yake ɓoye duk abin da ya ga dama. Ya buɗe wata jaka a cikin kwamfutar ya sa mata suna Zafi-Zafi, nan yake tara faɗan mata a bakin famfo, da ɓarawon da aka kama ana jibga, da mahaukacin da yara suka tsokana. Muttaƙa ya yi magana har ya gaji. In ya matsa sai Hakim ya ce, "Yaya, kai dai tura wa'azinka, kowa da kasuwarshi." Don zaman lafiyar gida Muttaƙa ya kawar da kai.

Wata rana da hantsi, Hakim ya riga ya kunna ya fita, wata mata ta zo ta tsaya a bakin rumfa. Doguwa ce, siririya, da zanen Fulani a gefen bakinta, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ba ta ɗauko ƙwarya ba, ba ta riƙe da waya. Ta yi sallama ta ce sunanta Adda, daga wata ruga take a gefen Malbaza, kuma mai babur mai jar hula take nema.

"Hakim ke nan, ya hita," in ji Muttaƙa. "Mi za a tura miki?"

"Ba turi niz zo ba. Ƙanwata ag ga cikin abin nan naku."

Ya ba ta benci, ta ƙi zama. A tsaye ta ba shi labarin, da Hausarta mai ɗan gargada, ba ta ɗaga murya ba. Ƙanwarta Jamila tana tsallaka kwalta da ƙwaryar nono a ka za ta kasuwa, wata babbar mota ta kwashe ta. Nan take rai ya yi halinsa. Faɗuwar da ta yi, zanenta ya kwance, rigarta ta yage. Kafin matan da ke kusa su rugo su rufe ta, mai jar hula ya riga ya sauka daga babur ya tsaya a kanta da waya. Yana da rawani a wuya, bai cire ya jefa mata ba. Zagaya ta ya yi, yana neman inda hoto zai fi fita. Bayan an yi jana'iza baffansu ya bi sawunsa har ya same shi, ya sa shi ya goge a gabansa, Hakim ya goge har da rantsuwa. To sai ga shi jiya wani ɗan rugarsu da ya kawo shanu Konni ya koma da labarin cewa ana nuna Jamila a bakin tasha, a cikin babban allo, samari na leƙe.

"Maza sun ce za su zo da sanduna," in ji ta. "Ni nac ce a bari in zo. Ba hwaɗa nika so ba. A hidda ta kawai."

Muttaƙa ya tuna jiya da la'asar da ya dawo daga masallaci ya tarar da samari sun yi cincirindo a kan tebur, suna ganinsa suka watse suna ƙunshe dariya. Ya kuma gane dalilin da ya sa abin bai bazu a wayoyi ba tukuna. Ba tausayi ba ne. Hakim ya san duk abin da ya shiga wayar mutum ɗaya ya zama na kowa, shi kuwa so yake a zo wurinsa a saya.

Ya buɗe jakar Zafi-Zafi, abin da bai taɓa yi da son ransa ba. Bai sha wahalar nema ba, fayil ɗin na sama ne, sabo. Da ya karanta sunan da Hakim ya sa masa sai da ya tofar da yawu a gefe. Nonon Malbaza. Wanda bai sani ba zai ce nonon ƙwarya ake nufi, wanda ya zube a kwalta. Hakim kuwa ya san abin da yake nufi, kuma Muttaƙa ya tabbata sai da ya yi dariya lokacin da yake rubutawa.

"Na gan shi," ya ce. "Yanzu za ya tahi."

Ya zaɓi fayil ɗin ya danna gogewa. Maimakon ya ɓace sai wani ɗan akwati ya fito da rubutun Faransanci, wai ba za a iya ba, domin fayil ɗin a buɗe yake a cikin manhajar kallon bidiyo. Wannan ba sabon abu ba ne. Kwamfuta ba ta yarda a goge abin da wata manhaja ke aiki da shi, sai ta sake shi. Ya duba ƙasan allo, ga manhajar nan Hakim ya naɗe ta bai rufe ba, ke nan ko da safen nan sai da ya sake kallo. Muttaƙa ya rufe ta daga nan ƙasa ba tare da ya ɗago ta ba, don kada idonsa ya faɗa kan abin da ke ciki. Ya sake danna gogewa.

Akwatin ya sake fitowa. Wannan karon bai ma faɗi sunan kowa ba, cewa kawai ya yi fayil ɗin a buɗe yake a wata manhaja, a rufe a sake gwadawa. Ya danna sake gwadawa, ya kuma dannawa, abu ya ƙi. Ya rufe duk tagar da idonsa ya gani, har waƙar da ke tashi a lasifika ya kashe, ya buɗe jakar daga farko. Akwatin nan dai ya dawo masa da maganarsa.

"Ta hita?" in ji Adda.

"Tukuna. Ya ce a buɗe yake. Wani abu na riƙe da shi."

Bai yi tunani ba ya faɗi haka, maganar aiki ce da ya saba. Amma sai ya ga fuskar matar ta sauya.

"A buɗe?" ta ce a hankali. "Ni da hannuna nir rufe ta. Ni niw wanke ta, munka sa mata likkahwani, maza sunka kai ta sunka rufe. Har yanzu a buɗe take?"

"Ba haka nika nuhi ba, Adda. Maganar na'ura ce."

"Wa ar riƙe da ita?"

Sai Adda ta zare mayafin da ke kafaɗarta ta shimfiɗa shi a kan allon kwamfutar, ta gyara gefe da gefe, ta danne kamar yadda ake yi wa mai barci. Mayafin ya sha hanya, yana warin hayaƙi da man shanu, kuma a wata rana da Muttaƙa ya yi tsalle ya cire shi da tsinke. Ranar nan bai ji ƙyamarsa ba ko kaɗan. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ke tayar masa da zuciya.

Hanya mafi sauƙi ya san ta: a kashe kwamfuta a sake kunnawa, duk abin da ke riƙe da fayil ya saki. Amma in ta mutu, kalmar sirri za ta nema, kalmar kuwa tana bakin Hakim. Haka nan in aka ɗauke wuta yanzu, magana ta ƙare, sai abin da Hakim ya ga dama. Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarkin da ke rataye a rumfa, ya ciro wayarsa ya kira Rabo.

Rabo na shagonsa a cikin gari, ana jin ƙarar kasuwa a bayansa. Muttaƙa ya gaya masa matsalar a taƙaice, bai faɗi ko wane irin bidiyo ba ne.

"Kashe ka kunna mana," in ji Rabo.

"Ba dama a kashe ta. Mai ita ya kulle ta."

"To sai mu bi ta doguwar hanya. Kana gaban allo?"

Muttaƙa ya dubi mayafin, ya dubi Adda. "Sai na ɗaga kaɗan," ya ce mata. "Ba ita zan duba ba, wallahi. Mai riƙon nika nema." Ta kama bakin mayafin da kanta ta ɗaga shi sama, ta riƙe shi ya zama labule tsakanin allon da titi. Haka ya yi sauran aikin, kansa a ƙarƙashin mayafin baƙuwa, waya a maƙale a kafaɗa, masu wucewa na kallonsu suna mamaki.

Rabo ya sa shi ya danna maɓallai uku tare, Ctrl da Shift da Esc. Wata taga ta buɗe mai jera duk abin da ke gudana a cikin kwamfutar, na fili da na ɓoye. Sunaye ne rututu, mafi yawansu Muttaƙa bai taɓa jin su ba.

"In kashe su duka?" ya tambaya.

"Ka kashe wanda ba shi ba, kwamfutar ta ruɗe maka, ka koma inda kaka gudu. Kar ka yi harbin makaho. Shiga wajen Performance, akwai inda anka rubuta Moniteur de ressources. Buɗe shi, ka tahi Processeur. Daga ƙasa za ka ga wani layi, Descripteurs associés, da ɗan gurbin nema a gehe. Nan aka ganin wanda yar riƙe kowane fayil. Mi as sunan naka?"

"Bari, ni zan rubuta."

"Ko rabin sunan ya isa."

Rabin ma bai so ba. Ya tsallake kalmar farko, ya rubuta Malbaza kawai. Kwamfutar ta yi ta nazari, fankarta na huci. Muttaƙa sai a lokacin ya lura tun safe take wannan hucin, kamar jakin da aka yi wa lodi, shi kuwa ya ɗauka tsufa ne. Can sai sakamako ya fito. Layi biyu ne, kuma suna ɗaya ne a gabansu duka. Layin farko fayil ɗin da ya sani ne. Na biyu wani ne daban, a wata jaka da bai taɓa gani ba, shi ma da sunan nan a jikinsa.

Ya karanta wa Rabo sunan mai riƙon harafi-harafi.

"Wannan ai injin manhajar matse bidiyo ne," in ji Rabo. "Wadda ka rage girman bidiyo don shi shiga ƙananan wayoyi. Wani ya ba ta aiki. Tana karanta na asalin tana rubuta sabo, shi ya sa taƙ ƙi sakin shi. Ko an ruhe tagarta, aikin na ci gaba daga baya."

Ke nan duk zaman da Muttaƙa ya yi tun safe a kan teburin nan, yana shan shayi, yana tura wa wani tsoho wa'azi, a ƙarƙashin hannunsa ana ta yanka Jamila ƙanana-ƙanana daidai aljihun kowa. Ya ji ƙyamar teburin, da kujerar, da yatsunsa da suka taɓa maɓallan.

"Danna mashi maɓallin dama na linzami, ka ce Terminer le processus."

Ya danna, ya tabbatar. Layin ya ɓace, fanka ta ɗan lafa. Ya tsaya ya share gumi, ya ce wa Adda an kusa, sannan ya koma jakar ya danna gogewa. Akwatin nan ya sake fitowa, fankar kuma ta ɗauki huci sabo.

"Ya dawo," ya ce.

"To layi anka jera mata. Ka kashe ɗan aike, uwar ta tura wani shi kama aiki na gaba. Uwar za ka nema. Dubi ƙasa wajen agogo, akwai ɗan kibiya mai kallon sama. Danna shi."

Ga ta nan kuwa, ƴar alama ƙarama ta laɓe a cikin sauran. Ya buɗe ta. Hakim ya jera aiki a layi, bidiyon nan guda ɗaya amma girma daban-daban, na babbar waya, na ƙarama, na ƴar rakani-masallaci. Wasu an gama, ɗaya na tafiya, sauran na jira. A gefen tagar kuma akwai rubutun da aka umarci manhajar ta manna a jikin kowane kwafi. Muttaƙa ya karanta shi sau biyu kafin ya yarda da idonsa. Muttaƙa Turi, Bakin Tasha, sai lambar wayarsa. Hakim ya san sunan wa jama'a suka sani, ya kuma san ƙofar wa za a zo da sanduna.

Ya tsayar da aikin da ke tafiya, ya share layin gaba ɗaya, ya danna wa ƴar alamar dama ya zaɓi fita. Ya koma gurbin neman ya sake nemo sunan. Wannan karon babu ko layi ɗaya. Fankar ta yi shiru, har yana jin numfashin Adda a bayan mayafi.

"Ya saki," ya ce.

"To goge. Ka riƙe Shift kana dannawa, kar shi tsaya kwandon shara. Kuma ka bi waɗanda ta riga ta haihwa."

Ya riƙe Shift ya danna. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata, fayil ɗin ya ɓace ba gardama, kamar ba shi ne ya hana shi sakat ba. Ya bi adireshin ɗaya jakar, ya tarar da kwafin da aka gama da guntayen da aka katse, ya haɗa su ya goge. Ya leƙa kwandon shara, ya sa kwamfutar ta binciko duk wani abu mai wannan suna ko mai kwanan watan ranar, ba ta samo komai ba. Da zai rufe sai idonsa ya faɗa kan sauran kayan Zafi-Zafi, da ɓarawon da mahaukacin da matan bakin famfo. Ya zaɓe su duka ya bi da su.

Yana fitar da kansa daga ƙarƙashin mayafin ke nan babur ya tsaya. Hakim ya sauko da jar hularsa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya dubi Adda, ya dubi mayafin, murmushinsa ya ɗan rage amma bai tafi ba.

"Yaya, yau kuma duba kaka yi wa mata a ƙarƙashin zane?"

Hakim ya leƙa allon, ya ja linzami, ya buɗe nan ya buɗe can. Da ya gane, sai ya miƙe.

"Wa yab ba ka izni? Kwamfutata ce."

"Sunana ne," in ji Muttaƙa. "Kuma ƙanwar wannan baiwar Allah ce."

"Ni nak kashe ta? Mota ta kashe ta. Ni abin da yaf faru kawai niɗ ɗauka. Mutane na son gani, in ban ɗauka ba wani za ya ɗauka."

"Da rawani a wuyanka."

"To sai mi?"

Wannan tambayar ce ta gama da Muttaƙa. Da Hakim ya yi borin kunya, ko ya yi ƙarya, da da sauƙi. Amma da gaske yake tambaya, idonsa tar, bai ga inda laifin yake ba. Shekara da shekaru Muttaƙa yana goge wayoyin baƙi da tsumma, ashe ga ƙazantar a jikin wanda suke cin tuwo kwano ɗaya da shi. Ya ji ƙamshin turaren nan yana hawa masa kai har yana neman amai.

"Ɗauki abinka," ya ce. "Kar ka sake aza ta bisa teburina."

"Ka ci mi? Ka gaya ma Humaira mi?"

"Abin da yaf faru zan gaya mata."

Hakim ya yi dariya, amma ta fito a bushe. Ya fizge wayar wuta, allon ya mutu nan take. Ya ture mayafin ya faɗi ƙasa, ya naɗe kwamfutar ya sa a hammata, ya hau babur. Adda bai ko dube ta ba, kuma da alama bai ma ga dalilin da zai sa ya dube ta ba. Aka bar Muttaƙa da tebur da lasifika da tarin wayoyin caji da ba su da abin da za a soka su a ciki. Ya san gobe masu turi za su wuce rumfar gaba, ya san akwai magana mai tsawo da ke jiransa a gida, kuma bai san ranar da zai sake samun wata kwamfutar ba.

Ya sunkuya ya ɗauki mayafin, ya kakkaɓe, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ya tahi da ita?" in ji Adda, tana kallon inda babur ya bi.

"Da ƙarhe yat tahi. Jamila ba ta ciki. Na goge na asalin, na goge waɗanda anka kwaikwaya, na bincika ban ga saura ba. Ki gaya ma maza su aje sanduna."

"Ka gan ta?"

"Ban duba ba."

Ta gyaɗa kai. Ta yafa mayafin, ta tsaya tana murza bakinsa da yatsu. Ya yi zaton godiya za ta yi ta tafi, har ya fara tunanin ko ya raka ta inda ake hawa motar Malbaza. Sai ta ce, "Da kana ciki, na so in ce ka tsaya. In ce ka nuna min huskar kawai, ka ruhe sauran."

"Da kin hwaɗi, Adda."

"A'a. In na gani, wani ma ya gani." Ta share ido da gefen hannu. "Ɗanta na goye tat bari. Ina tunanin ranar da za ya tambayi kamannin uwarshi. Jamila kunya gare ta, ko waya anka ɗaga sai ta ruhe huska ta gudu. Ba ta taɓa yarda anka ɗauke ta hoto ba. Wannan da kag goge, shi kaɗai ne."



"Allah shi ruhwa maka asiri," in ji ta. Ta gyara mayafinta, ta duba hagu ta duba dama, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tsallaka kwalta.